Ƙimar Ragowar Kaya a Ƙarshen Shekara: Hanyoyi Biyu na Lissafi da Abin da Suke Yi wa Haraji

Tun da aka fara aiki da sababbin dokokin haraji na Nijeriya a ranar 1 ga Janairun 2026, 'yan kasuwa da dama a garuruwan da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega, irin su Boɗinga da Shagari, sun shiga neman akanta ya rubuta musu lissafin shekara. A nan ne wata tambaya take yawan tasowa. Mutum biyu suna sayar da kaya iri ɗaya, sun sara a farashi ɗaya, sun sayar a farashi ɗaya, amma ribar da takarda ta nuna wa wannan ta bambanta da ta wancan, harajinsu ma ya bambanta. Wasu na ganin an yi coge, wasu kuma na ganin akanta guda ya fi ɗaya wayo. Sau da yawa kuwa babu coge a ciki. Bambancin ya fito ne daga yadda kowa ya yi wa kayan da suka rage a sito kuɗi ranar da aka rufe littafi.

Ma'anar kalmomin

Ragowar kaya su ne kayan sayarwa da suke hannun ɗan kasuwa ba a sayar ba a ranar ƙarshe ta shekarar lissafi, wadda galibi ita ce 31 ga Disamba. Ba a cire kuɗin da aka saye su daga ribar bana, domin ba su riga sun kawo ciniki ba. Saboda haka lissafin yana tafiya kamar haka: a haɗa kuɗin kayan da aka shigo shekara da su da kuɗin duk sarin da aka yi a cikin shekara, sannan a debe ƙimar ragowar kaya. Abin da ya saura shi ne uwar kuɗin kayan da aka sayar. Idan aka cire shi daga jimlar ciniki, sai riba ta fito.

Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ga cewa kowace naira da aka ƙara a kan ƙimar ragowar kaya tana ƙara naira ɗaya a kan riba, kowace naira da aka rage kuma tana rage riba. Da a ce farashin sari ba ya motsi, da babu wata magana, sai a ƙirga buhuna a ninka da farashi. Matsalar ita ce buhun da aka saro a watan Afrilu da wanda aka saro a watan Nuwamba kamarsu ɗaya a sito, amma kuɗinsu ba ɗaya ba. To, wane farashi za a ba waɗanda suka rage?

Hanya ta farko ita ce wadda akantoci ke rubutawa FIFO, ma'ana kayan da suka fara shiga su ne ake ɗauka sun fara fita. A wannan hanya tsofaffin kaya ne aka sayar, ragowar kuma daga sarin baya-bayan nan suke, don haka farashin ƙarshe ake ba su. Hanya ta biyu ita ce matsakaicin farashi bisa yawan kaya. Ana tara kuɗin duka kayan, a raba da yawan buhuna, sai kowane buhu, wanda ya fita da wanda ya rage, ya ɗauki wannan farashi guda. An ce bisa yawan kaya ne domin sarin buhu 8,000 ya fi sarin buhu 2,000 rinjaye a cikin matsakaicin. Ba farashi huɗu ake haɗawa kawai a raba da huɗu ba.

Abin da ƙa'ida ta yarda da shi

Nijeriya ta fara bin ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya, IFRS, daga shekarar 2012, ƙarƙashin kulawar hukumar sa ido kan rahoton kuɗi da dokar 2011 ta kafa. Ƙa'idar da ta shafi kayan sayarwa ita ce IAS 2, kuma ƙananan kamfanoni suna da tasu sassauƙa wadda a wannan batu ba ta saɓa mata ba. Ga kayan da ba a bambanta ɗaya da ɗaya, kamar siminti, taki, gero ko sukari, hanyoyi biyun nan duka halal ne a ƙa'ida. Akwai ta uku, LIFO, wadda ke ɗauka cewa kayan ƙarshen shiga su ne farkon fita. Ita ce ta fi rage riba a lokacin tsadar kaya, kuma har yanzu dokar haraji ta Amurka ta yarda da ita, amma an cire ta daga IAS 2 a gyaran da aka yi a 2003, wanda ya fara aiki a 2005. Duk wanda ya ji labarinta a wani littafi ya so ya gwada a nan, to ƙofar a rufe take.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne zaton cewa dole hanyar lissafi ta bi yadda kaya ke fita daga sito a zahiri. Mai siminti kan fitar da tsohon buhu kafin sabo domin kada ya daskare, mai hatsi kuwa yakan juye na kasuwanni daban-daban wuri guda ya sake aunawa. Amma ƙa'ida ba ta tilasta wa mai siminti FIFO ba, ba ta kuma tilasta wa mai hatsi matsakaici ba. Abin da ta shar'anta shi ne a yi amfani da hanya ɗaya ga duk kayan da irinsu da amfaninsu ɗaya ne. Wanda ke da siton siminti a Boɗinga da wani a Shagari ba zai yi wa na can FIFO, na nan matsakaici ba, domin bambancin wuri kaɗai ba hujja ba ne.

Misalin dillalin siminti

Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi, amma yanayin da suke nunawa sananne ne. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin wannan shekara, farashin kaya ya yi ta hawa, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Siminti na cikin kayan da suka yi tsalle a farkon 2024.

Mu ɗauki wani kamfani mai rajista a Boɗinga da ke saro siminti daga masana'antar Kalambaina. Ya shigo shekara da buhu 2,000 a kan naira 5,000 kowanne, wato naira miliyan 10. A watan Afrilu ya saro buhu 8,000 a kan naira 7,000, miliyan 56. A watan Agusta ya ƙara buhu 6,000 a kan naira 8,000, miliyan 48. A watan Nuwamba ya sake saro buhu 4,000 a kan naira 9,000, miliyan 36. Duk waɗannan farashi sun haɗa da kuɗin tirela da na 'yan dako. Jimla buhu 20,000 ne suka ratsa hannunsa, a kan naira miliyan 150. Ya sayar da buhu 15,000, ya yi cinikin naira miliyan 132, ranar ƙirga kuma aka samu buhu 5,000 a sito.

A hanyar FIFO, waɗannan buhu 5,000 su ne dukan sarin Nuwamba, buhu 4,000 a kan 9,000, da buhu 1,000 daga sarin Agusta a kan 8,000. Ƙimarsu ta zama naira miliyan 44. Idan aka debe ta daga miliyan 150, uwar kuɗin abin da aka sayar miliyan 106 ce, ribar ciniki kuma miliyan 26.

A hanyar matsakaici, ana raba miliyan 150 da buhu 20,000, kowane buhu ya tashi naira 7,500. Buhu 5,000 sun zama miliyan 37.5, uwar kuɗin abin da aka sayar miliyan 112.5, ribar ciniki kuma miliyan 19.5.

A ce kuɗin haya, albashi da sauran ɗawainiya sun kai miliyan 8. Ribar da ta saura miliyan 18 ce a FIFO, miliyan 11.5 a matsakaici. Cinikin wannan kamfani ya wuce na ƙananan kamfanoni da aka yafe wa haraji, don haka kashi 30 cikin 100 zai biya. Idan muka ajiye sauran gyare-gyaren da hukumar haraji ke yi wa riba gefe, harajinsa naira miliyan 5.4 ne a hanya ta farko, miliyan 3.45 a ta biyu. Tazarar ta kusa miliyan 2, alhali ko buhu ɗaya bai ƙaru ko ya ragu a sito ba, kuɗin da ke asusun banki ma iri ɗaya ne. Harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100 da sabuwar doka ta ɗora wa irin waɗannan kamfanoni a kan riba zai ƙara buɗe tazarar kaɗan.

Shin harajin ya tafi ke nan?

A nan ne akasarin masu murna da matsakaici suke kuskure. Ƙimar ragowar kayan bana ita ce ƙimar kayan buɗe littafin baɗi. A ce a watan Janairu kamfanin ya sayar da buhu 5,000 ɗin nan a kan naira 10,000 kowanne, ya samu miliyan 50, ya kuma daina harkar siminti. Wanda ya bi FIFO ya shigo da kayan a kan miliyan 44, ribarsa miliyan 6. Wanda ya bi matsakaici ya shigo da su a kan miliyan 37.5, ribarsa miliyan 12.5. Haɗa shekara biyun: 26 da 6 sun ba da 32, haka 19.5 da 12.5 sun ba da 32. Ribar guda ce, lokacin bayyanarta ne ya bambanta. Kamar bashi ne da aka ɗaga wa ranar biya, yana nan bai yafu ba.

Duk da haka ba za a ce jinkirin ba shi da amfani ba. Naira miliyan 1.95 da ta zauna a hannun ɗan kasuwa shekara guda ba tare da kuɗin ruwa ba, a lokacin da rancen banki ke da tsada, tana iya juyawa sau da dama kafin ta tafi. Kuma kasuwancin da ke ci gaba ba ya share sitonsa gaba ɗaya. Muddin farashi na hawa kowace shekara, kuma ragowar kaya ba ta raguwa, jinkirin yana sabunta kansa. Ranar da farashi ya juya ƙasa, ko aka rage kaya, a ranar ne harajin yake dawowa.

Matsakaici iri biyu ne

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa ɗan kasuwa ba. Lissafin da muka yi a sama matsakaicin dunƙule ne, wanda ake fitarwa sau ɗaya a ƙarshen shekara. Akwai kuma matsakaici mai tafiya, wanda ake sake fitarwa duk lokacin da sabon kaya ya sauka, kuma shi ne manhajojin lissafi na kwamfuta da dama suke yi da kansu. IAS 2 ta yarda da duka biyun, amma amsarsu ba ɗaya ba ce.

A ce kamfanin nan bai taɓa buhu 2,000 na farko ba sai da sarin Afrilu ya sauka. Buhu 10,000 ke nan a kan miliyan 66, kowanne 6,600. Ya sayar da 8,000, saura 2,000. Da sarin Agusta ya zo, matsakaicin ya hau zuwa 7,650. Ya sayar da 5,000, saura 3,000. Da sarin Nuwamba ya zo, buhu 7,000 suka tashi kimanin naira 8,421 kowanne. Ya sayar da 2,000, saura 5,000, ƙimarsu kimanin miliyan 42.1. Wannan ya fi kusa da miliyan 44 na FIFO sosai a kan miliyan 37.5 na matsakaicin dunƙule. Tazarar da ta kai miliyan 6.5 ta koma ƙasa da miliyan 2. Dalilin shi ne arhan kayan farkon shekara sun riga sun fita daga lissafi kafin masu tsada su zo. Don haka mai kayan da ke saurin fita, idan manhaja yake amfani da ita, kada ya sa ran matsakaici zai rage masa haraji sosai. Idan akanta ya ce matsakaici ya bi, tambayar da ta dace a yi masa ita ce wanne daga cikin biyun.

Mai hatsi: inda lissafin ke juyewa

Littattafan koyon akanta sukan ce FIFO na ƙara riba, matsakaici na rage ta. Wannan gaskiya ne kawai idan sarin ƙarshe ya fi na baya tsada. A ƙasar noma irin ta Shagari, Yabo da Boɗinga, farashin hatsi na da nasa zagayen. Gero da dawa da wake suna arha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, suna tsada da bazara da tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Ɗan kasuwar da ke rufe littafi ranar 31 ga Disamba yana rufewa ne daidai lokacin da sarinsa na ƙarshe shi ne mafi arha.

Mu ɗauki wani mai sayar da gero a Shagari, shi ma na misali. Ya shigo shekara da buhu 200 a kan naira 50,000, miliyan 10. A watan Yuni, don kada ya rasa abokan cinikinsa, ya saro buhu 300 a kan 70,000, miliyan 21. Da kaka, a watan Nuwamba, ya cika sito da buhu 500 a kan 46,000, miliyan 23. Jimla buhu 1,000 a kan miliyan 54, matsakaici naira 54,000. Ya sayar da 600, saura 400. A FIFO ragowar duk sabon gero ne, 400 sau 46,000, miliyan 18.4. A matsakaici kuwa miliyan 21.6 ne. A wannan karon matsakaici ne ya ɗaga riba da miliyan 3.2, FIFO kuma ta sauke ta. Wanda ya kwaikwayi maƙwabcinsa mai siminti ba tare da duba zagayen farashin kayansa ba, ya jawo wa kansa harajin baɗi a bana.

Sai dai akwai ƙa'ida ta biyu da ke saman duka hanyoyin. Ba a rubuta kaya a kan ƙimar da ta wuce abin da za a iya samu idan aka sayar da su, bayan cire kuɗin da sayarwar za ta ci. Ana kwatanta uwar kuɗi da wannan ƙima, a ɗauki wadda ta fi ƙasa. Idan a ƙarshen Disamba buhun gero naira 48,000 ne a kasuwa, kuma dako da la'ada za su ci 1,000, abin da zai shigo hannu 47,000 ne. Mai bin FIFO yana kan 46,000, ba abin da zai taɓa. Mai bin matsakaici yana kan 54,000, dole ya sauko zuwa 47,000, wato miliyan 18.8. Tazarar miliyan 3.2 ta koma naira 400,000. Akantan da ya manta da wannan mataki ya bar mai kaya da ribar da babu ita. Wannan ya zama abin lura sosai a 2025, lokacin da farashin hatsi ya sauka ƙasa da na 2024, waɗanda suka ajiye kaya masu tsada suka tarar kasuwa ta bar su a baya. Amma saukar da ƙima na buƙatar shaida ta farashin ranar, kamar rasit na cinikin da aka yi a farkon Janairu. Zato cewa farashi zai faɗi nan gaba bai isa ba, kuma hukumar haraji ba ta karɓar ragin dunƙule da aka yi ba tare da nuna wane kaya ne ya faɗi ba.

Wa abin ya shafa, wa bai shafa ba

Yawancin 'yan kasuwar wannan yanki ba kamfanoni ba ne. Mai kasuwanci da sunansa ko da sunan kasuwanci kawai, harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaiku yake biya ga hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Sakkwato, yayin da kamfani mai rajista yake biya ga hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. A sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, daga nan sai matakai da suka fara daga kashi 15 suka ƙare a kashi 25. Ga mai geron nan, idan ribarsa na tsakanin miliyan 3 da miliyan 12 inda ake cire kashi 18, tazarar miliyan 3.2 na nufin naira 576,000, tazarar 400,000 kuma naira 72,000.

Matakan nan suna kawo wani abu da babu shi a wajen kamfani. Idan hanyar lissafi ta cusa riba mai yawa a shekara guda har ta haura mataki na sama, ta bar shekara mai zuwa da kaɗan, jimlar harajin shekara biyun kan fi na wanda ribarsa ta rarrabu daidai. A nan bambancin ya wuce jinkiri, ya zama na dindindin, ko da yake ba shi da yawa. Haka kuma idan doka ta canja kason haraji tsakanin shekara biyu, kamar yadda ya faru tsakanin 2025 da 2026 ga ɗaiɗaikun mutane.

Ƙaramin kamfanin da aka yafe wa harajin riba kuwa, da yawan cinikinsa da kadarorinsa na dindindin ake auna shi, ba da ribarsa ba. Ƙimar ragowar kaya ba ta taɓa jimlar ciniki, don haka babu hanyar da za ta shigar da kamfani cikin wannan rukuni ko ta fitar da shi. Wanda kuma ba ya ajiye littafi, aka yanka masa haraji bisa ƙiyasi, wannan muhawara ba ta iso gare shi ba tukuna.

Akwai kuma masu haɗa wannan lissafi da na zakka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai jujjuya kayansa yana yi musu kuɗi ne da farashin kasuwa na lokacin da shekararsa ta cika, ba da farashin da ya saro ba. Lissafin haraji kuwa a kan uwar kuɗi yake tsayawa, ba ya hawa sama da ita ko da kasuwa ta yi tsada. Adadi biyu ne don manufa biyu, kuma ɗaukar na zakka a sa a takardar haraji a shekarar tsada yana nufin biyan haraji a kan ribar da ba a riga an ci ba.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan FIFO suna cewa ita ce ke nuna ƙimar kayan sito kusa da gaskiyar kasuwa, abin da banki ke dubawa idan ana neman rance, kuma tana da sauƙin bincike: odita ya ɗauki rasit na sarin ƙarshe ya bi baya har adadin buhuna ya cika. Masu sukarta suna cewa a lokacin hauhawar farashi tana haɗa cinikin yau da uwar kuɗin jiya, sai ta nuna ribar da wani ɓangarenta ba na ci ba ne. Dillalin simintin nan ya sayar da buhu a kan kimanin 8,800, amma mayar da gurbinsa yanzu 9,000 ne. Idan ya raba miliyan 18 ɗin a matsayin riba, jarinsa ya ci.

Masu goyon bayan matsakaici suna cewa yana lafar da hawa da saukar farashi, riba ba ta tsalle daga shekara zuwa shekara. Rauninsa shi ne adadin da yake bayarwa ba ya kan kowane rasit, kuma kuskure ɗaya a sarin watan Afrilu yana bin lissafin har Disamba. A ganina, ga mai kayan masana'anta irin su siminti da taki a shekarun hauhawar farashi, matsakaici ya fi kare jari. Ga mai hatsi da ke rufe littafi da kaka, FIFO ta fi sauƙi kuma ta fi kusa da gaskiya. Amma zaɓin na shekaru ne, ba na shekara guda ba. Canja hanya canjin manufar lissafi ne ƙarƙashin IAS 8, wadda ba ta yarda da shi ba sai idan sabuwar hanyar za ta ba da bayani mafi inganci, kuma dole a sake lissafin shekarar baya da ita, a bayyana canjin a cikin rahoto. Rage haraji ba ya cikin dalilan da ake karɓa.

Inda aka fi yin kuskure

A aikace, kurakuran da suka fi ɓata riba ba daga zaɓin hanya suke zuwa ba. Na farko shi ne abin da ake sakawa cikin uwar kuɗi. Kuɗin mota daga wurin sari, dako, la'adar dillali wajen saye da kuɗin buhunan da aka zuba hatsi duk suna ciki, ragin da mai sayarwa ya yi kuma ana cire shi. Amma hayar sito, maganin ƙwari, albashin mai gadi da kuɗin kai wa mai saye kaya ɗawainiyar shekara ce, ba a ɗora su a kan buhu. Asarar da ta wuce ƙima, kamar buhunan siminti da ruwan sama ya daka suka zama dutse, ana fitar da ita a matsayin asara a shekarar da ta faru, ba a ɓoye ta cikin farashin sauran.

Na biyu shi ne ranar yanka. Tirela ta sauke buhu 600 ranar 30 ga Disamba, an ƙirga su cikin ragowar kaya, amma takardar sarin sai a Janairu aka shigar da ita littafi. Ragowar ta ƙaru ba tare da sari ya ƙaru ba, sai riba ta kumbura da cikakken kuɗin tirelar, naira miliyan 5.4 a farashin misalinmu, wanda ya ninka tazarar FIFO da matsakaici mai tafiya kusan sau uku.

Mai kaya na iya gano irin wannan da kansa ko da bai karanta akanta ba. Ya fara da buhuna kafin naira: na buɗe shekara da na sari, a debe waɗanda aka sayar, dole su yi daidai da abin da aka ƙirga a sito. Sannan ya duba ko ƙimar kayan buɗe littafin bana ita ce ta rufe na bara, naira da naira. Daga nan ya raba ƙimar ragowar da yawan buhuna. A FIFO amsar za ta kusanci farashin sarin ƙarshe, a matsakaici kuma dole ta faɗa tsakanin mafi arha da mafi tsadar sarin da ke cikin lissafin, sai fa idan an sauke ta saboda faɗuwar kasuwa. Idan buhun siminti ya tashi naira 9,600 a takarda alhali ba a taɓa sara sama da 9,000 ba, to da farashin sayarwa aka yi wa kayan kuɗi, ko kuma an cusa hayar sito a ciki. Jami'in haraji ma waɗannan yake fara dubawa, tare da kason ribar ciniki na bana da na bara, kuma idan takardun ƙirgar kaya da rasit ba su goyi bayan adadin ba, doka ta ba shi ikon ajiye lissafin gefe ya yanka haraji bisa nasa ƙiyasin.